Alhaji, Hajiya, Malam, Malama da Sarki: wa ya cancanci wanne, kuma yaya ake jera su?

A zangunanmu da wuya a kira babban mutum da sunansa tsurarsa. Sai an sa wani abu a gaba: Alhaji, Hajiya, Malam, Malama, Sarkin kaza. Muna jin waɗannan laƙabai tun muna goye, shi ya sa da yawanmu muke ɗauka mun san su. Amma duk wanda ya taɓa rubuta katin biki, ko ya riƙe makirfo a wurin addu'ar arba'in, ya san ba haka abin yake ba. Laƙabi ɗaya da aka tsallake yana iya sa dattijo ya naɗe tabarmarsa ya bar taro, wanda aka ƙara ba bisa ƙa'ida ba kuma yana iya tayar da tsohuwar rigimar sarauta. Ga abin da kowanne yake nufi, da yadda ake amfani da shi a baki da a takarda.

Alhaji da Hajiya

Kalmar Alhaji daga Larabci take, ma'anarta wanda ya yi aikin hajji. Mace Hajiya. Jam'insu alhazai da hajiyoyi, ko da yake idan ana maganar ayarin da ya dawo daga Makka, alhazai kawai ake cewa, maza da mata. Sharaɗin laƙabin guda ɗaya ne: mutum ya je ya yi hajji a lokacinsa, a watan Zulhajji, ya tsaya a Arfa ranar 9 ga wata. Zuwa Makka kaɗai ba ya mai da mutum Alhaji. Wanda ya je umara, ko da a goman ƙarshe na azumi ne, ko da sau goma ya je, bai zama Alhaji ba. Haka wanda ya je Jidda ko Riyad aikin kwantiragi ya dawo bai hau Arfa ba.

Daga wannan sharaɗi sauran hukunce-hukuncen suke fitowa. Laƙabin ba ya ratsawa ta aure: matar Alhaji ba Hajiya ba ce sai ta je da ƙafarta, mijin Hajiya kuma ba Alhaji ba ne. Ba a gadonsa. Idan ɗa ya yi wa mahaifinsa da ya rasu hajji a madadinsa, muna fatan lada ya kai ga mamacin, amma a al'ada ba a komawa a sa masa Alhaji a sanarwa, domin laƙabin yana ba da labarin tafiyar da mutum ya yi ne da kansa. Ba a kuma ninka shi. Wanda ya je sau bakwai da wanda ya je sau ɗaya duk Alhaji ne.

Nauyin da kalmar take da shi a kunnen dattawanmu ya samo asali ne daga wahalar hanyar da. Kafin jirgin sama ya zama abin hawan alhazai, mutum yakan tashi daga Salaga ko Kumasi ya bi ta ƙasar Hausa, ya ratsa Barno da Cadi da Sudan, yana tafiya yana sana'a don ya sami guzuri, kafin ya tsallaka Bahar Maliya. Tafiyar takan ci shekaru. Wasu sun rasu a hanya, wasu sun zauna a Sudan, jikokinsu suna can har yau. Wanda ya je ya dawo, gari duka ya san shi. Alhaji Umaru na Kete Karachi, babban malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a 1934, yana cikin mutanen wancan zamani, lokacin da jin Alhaji a gaban suna yake sa a gyara zama. Yau tafiyar 'yan sa'o'i ce a jirgi, alhazai sun yawaita, amma sharaɗin bai sauya ba.

Abin da yake rikita matasa shi ne kalmar tana da wasu amfani guda biyu da ba na hajji ba. Na farko, suna ne na gida. Yaron da aka haifa ranar hawan Arfa ko a kwanakin babbar salla akan yi masa laƙabi da Alhaji. Haka yaron da aka sa wa sunan kakansa alhaji: iyaye ba za su iya kiran sunan ba saboda kunya, sai su riƙa ce wa yaron Alhaji, yarinyar da ta ci sunan kakarta kuma Hajiya. Irin wannan ya girma da sunan, kowa a unguwa ya san mafarinsa, babu ƙarya a ciki. Na biyu, amfani ne na kasuwa da tasha, inda ake ce wa duk mai babbar riga ko mai mota Alhaji, duk mace mai jiki da mayafi mai tsada Hajiya, don a sami ciniki. A baki wannan ya zama ruwan dare, ba za mu iya hana shi ba. Amma a rubuce, musamman a sanarwar rasuwa ko takardar aure, a ganinmu bai kamata a sa shi ba sai ga wanda ya yi hajjin. Takarda tana zama, jikoki su karanta su ɗauka gaskiya ne.

Akwai kuma waɗanda suka yi hajji amma ba sa son a kira su da laƙabin. Hujjarsu ita ce hajji ibada ce kamar salla da azumi, ba a yi wa mutum laƙabi da su, kuma sahabbai sun yi hajji ba a kira su haka ba, don haka suna gudun riya. Wasu malamai kuma suna ganin al'ada ce da ba laifi a cikinta. Mai rubuta sanarwa ba alƙalin wannan saɓani ba ne. Wanda ya ce a cire masa, a cire, wanda kuma aka san shi da shi, kada a cire masa don ra'ayin mai rubutu.

Laƙabin ba na Hausawa kaɗai ba ne. Marigayi Alhaji Aliu Mahama, mataimakin shugaban ƙasar Gana daga 2001 zuwa 2009, ba Bahaushe ba ne, amma da shi duk ƙasa ta san shi. 'Yan'uwanmu na Togo, Kamaru da Kodebuwa za su ga an rubuta shi da salon Faransanci a takardun hukuma, ma'anar dai ɗaya ce.

Malam da Malama

Malam ma daga Larabci ne, daga kalmar da take nufin mai koyarwa. Akwai bambanci tsakanin malami da Malam wanda ya kamata a kiyaye. Malami sunan mai aikin ne: malamin makaranta, malamin allo, malamin asibiti. Malam kuwa laƙabi ne da ake sawa gaban suna ko a kira mutum da shi. Ana cewa Malam Isa malami ne, ba a cewa Malami Isa. Mace Malama ce a duka biyun, jam'i malamai. A daidaitaccen rubutun Hausa harafin l ɗaya ne. Mallam da Mallama masu l biyu, da muke gani a allunan shaguna da sunan unguwar Mallam da kasuwar Mallam Atta a Ankara, salon rubutun Turawa ne da ya zauna. Haka Hajia maimakon Hajiya. Sunan wuri a bar shi yadda yake, amma a sanarwar Hausa a rubuta Malam, Malama, Hajiya.

Malam yana da hawa biyu. A hawa na sama, mai ilimin addini ne, wanda ake ɗaukar karatu a zaurensa. Zangunanmu da dama irin waɗannan mutane ne suka kafa su: Malam Bako ya kafa Sabon Zongo a Ankara a farkon ƙarni na 20, sunan Malam Amadu Futa kuma shi ake ambata a kafuwar Nima. A hawa na ƙasa, kalmar ladabi ce ga duk namiji baligi da ba a san wani laƙabinsa ba. Idan ka tsayar da baƙo za ka tambaye shi hanya, Malam ne abin da ya fi dacewa, domin ba ka yi masa ƙaryar hajji ba, ba ka kuma rage masa daraja ba. Mace baƙuwa Malama, sai dai idan ta kai sa'ar mahaifiyarka, to Mma ko Inna ya fi daɗi a kunnenta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar cewa Alhaji ya fi Malam, wai da zarar malami ya dawo daga Makka sai a yi masa ƙarin girma zuwa Alhaji. Ba tsani ɗaya suke ba. Alhaji shaidar tafiya ce, Malam shaidar ilimi. Attajirin da bai haɗa izu biyu ba yana iya zama Alhaji, amma ba a zama malamin zaure da kuɗin jirgi. Shi ya sa almajirai ba sa daina ce wa malaminsu Malam ko ya yi hajji sau nawa. Malam Aminu Kano, duk da girmansa a siyasar Najeriya, har ya rasu a 1983 Malam jama'a suke ce masa, kuma ba wanda ya ga an rage shi.

Gaisuwar malami ita ce "Allah ya gafarta Malam". Ba tuhumar zunubi ba ce, addu'a ce da aka keɓe wa ma'abota ilimi, kamar yadda aka keɓe wa sarakai tasu. Mahaddacin Alƙur'ani Alaramma ne, wanda ya ƙware ƙwarai a hadda kuma Gwani. Ustaz ya fi tafiya da malaman Islamiyya da waɗanda suka yi karatu a makarantun Larabci na zamani. Shehu ko Shaihi na manyan malamai ne da shugabannin ɗariƙa, kamar Shaihi Usman Nuhu Sharubutu, babban limamin ƙasa. Amma a lura, Shehu ma yakan zama sunan gida na duk mai suna Usman, saboda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Na Alhaji Shehu Shagari irin wannan ne. Liman, Na'ibi da Ladan kuwa muƙaman masallaci ne, suna tafiya da aikin. A zongo muna kuma zaune da masu nasu kalmomin: Dagomba suna cewa Afa, Yarbawa Alfa, Fulani Modibbo, Wangarawa Karamoko. Wanda mutanensa suke kira da ɗaya daga cikinsu, a bar masa abinsa, ba sai an juya shi zuwa Malam ba.

Wani abu da yake ci mana tuwo a ƙwarya: a bakin maƙwabtanmu da dama da ba Musulmi ba, kalmar ta koma nufin mai tsibbu ko mai ninka kuɗi, saboda masu damfarar da suke tallata kansu da ita a talabijin da jikin bango. Wasu samarinmu masu ilimi har sun fara jin nauyin a kira su Malam a ofis. Mu dai ba mu ga dalilin sakar wa 'yan damfara kalmar da kakanninmu suka kafa unguwanni da ita ba.

Sarki

Nan ne kuskure ya fi tsada. Sarki shi ne wanda aka naɗa, aka ɗaura masa rawani a gaban jama'a da yardar masu naɗi. A nahawu, idan za a faɗi abin da yake sarauta a kai, sai a ƙara n: Sarkin Zongo, Sarkin Fulani, Sarkin Fawa. Idan sunansa ne zai biyo baya, babu n: Sarki Musa. Wanda ya rubuta Sarkin Musa ya ce ke nan akwai wani da yake mulkin Musa.

Sarautar zongo ta mutane ce, ba ta ƙasa ba. Kakanninmu baƙi ne da masu ƙasa suka ba masauki, don haka Sarkin Zongon Kumasi yana shugabantar jama'arsa ne a ƙasar Asantehene, na Ankara kuma a ƙasar sarakunan Ga. Wannan yana da tasiri a rubutu. Ba a cewa Sarkin Kumasi idan ana nufin Sarkin Zongon Kumasi, ko da don taƙaitawa ne, domin a kunnen masu ƙasa wannan da'awar mallaka ce. Sarkin Musulmi kuma laƙabin mai sarautar Sakkwato ne a wurin duk Bahaushe, ba a ara wa wani don a faranta masa. Wanda yake ganin rawanin zongo abin wasa ne ya tuna da 1957, shekarar da gwamnatin Nkrumah ta yi doka ta musamman ta fitar da Alhaji Amadu Baba na zongon Kumasi daga ƙasar, a tsakiyar rikicin siyasa da ya haɗa da sarautar zongon.

A zongo ɗaya kuma sarakai suna da yawa. Akwai Sarkin Zongo, akwai shugabannin ƙabilu kamar Sarkin Zabarmawa, Sarkin Wangara da Moshi Naba, akwai sarakunan sana'a kamar Sarkin Fawa na mahauta da Sarkin Aska na wanzamai, akwai Sarkin Samari. Kowannensu mutanensa suna iya ce masa Sarki a zaurensa. Amma a taron da Sarkin Zongo yake zaune, Sarki tsurarsa nasa ne shi kaɗai, sauran sai a cika musu laƙabinsu. Mai makirfo da ya ce "Sarki ya iso" alhali Sarkin Samari ne ya shigo, ya jawo wa yaron magana. 'Yan majalisa irin su Waziri, Galadima da Ciroma da sarautarsu ake kiransu, ba da Sarki ba.

A gaisuwa ana cewa "Ranka ya daɗe", ko "Allah ya ja zamanin Sarki", ko "Allah ya taimaki Sarki". Ba a kiran sunansa a gabansa. A rubuce akan fara da Mai martaba ga babban sarkin gari, Mai girma ga sauran masu sarauta da jami'an gwamnati.

Ta ɓangaren mata, matar sarki ba Sarauniya ba ce, matar sarki ce. Sarauniya mace ce mai riƙe da sarauta da kanta. Shugabar mata da muka fi sani a zongo ita ce Magajiya, kuma naɗa ta ake yi, ba ta hanyar aure take samu ba. Ko a wurin maƙwabtanmu Asante haka ne, Asantehemaa ba matar Asantehene ba ce.

Yadda ake jera su a sanarwa

Mu ɗauki misali. A ce wani dattijo mai suna Isa ya rasu. Mahauci ne, shi ne Sarkin Fawan unguwarsu, ya yi hajji, kuma yana koyar da yara allo da dare. Ya bar mata biyu: uwargida Rabi ta yi hajji, amarya Safiya umara kawai ta je, tana koyarwa a Islamiyya. Babban ɗansa Musa tun yana jariri ake ce masa Alhaji don an haife shi ranar Arfa, amma bai taɓa zuwa Makka ba. Ana so a rubuta gayyatar addu'ar arba'in, Sarkin Zongo da limamin Juma'a za su halarta.

Mamacin za a rubuta shi: marigayi Sarkin Fawa, Alhaji Isa. Marigayi ne a farko, sai sarauta, sai Alhaji manne da suna. Ana kuma iya cewa marigayi Alhaji Isa, Sarkin Fawa, duka biyun daidai ne. Abin da ba a yi shi ne raba Alhaji da suna a ce Alhaji Sarkin Fawa Isa. To ina Malam ɗinsa, tunda yana koyarwa? A nan sai a tambayi abin da unguwa take kiransa da shi. Idan Alhaji Isa aka sani, ya isa. Idan almajiransa sun yi yawa har Malam ya bi shi, a rubuta Alhaji Malam Isa, domin haka aka saba jera su, Alhaji kafin Malam. Idan an riga an naɗa magajinsa kafin arba'in, kalmar marigayi ita take bambanta su. A tabbata ba ta faɗi ba, kada a wayi gari an yi wa sabon sarki sanarwar mutuwa.

Uwargida Hajiya Rabi ce. Amarya Malama Safiya ce, kuma a nan Malama ta dace ta fuska biyu, ga ladabi ga sana'a. Sau da yawa dangi za su matsa a sa wa duka biyun Hajiya don kada a ce an fifita ɗaya. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a tambayi amaryar da kanta. Mace mai karatu da wuya ta yarda a rubuta mata hajjin da ba ta yi ba, kuma idan daga bakinta ya fito, maganar ta mutu.

Musa shi ne mai ɗan wuya. Idan aka rubuta Alhaji Musa, baƙo zai ɗauka ya yi hajji. Idan aka rubuta Malam Musa kawai, rabin unguwa ba za su gane shi ba. Sai a rubuta Malam Musa, wanda aka fi sani da Alhaji. An faɗi gaskiya, an kuma gane mutum.

A jerin manyan baƙi, Mai martaba Sarkin Zongo ne a farko, sai liman, sai shugabannin ƙabilu, sai sarakunan sana'a, sai Magajiya da tawagarta. Wasu garuruwan suna gabatar da liman idan taron na addu'a ne zalla. Tsarin shugabannin ƙabilu a tsakaninsu kuma ya bambanta daga zongo zuwa zongo, don haka kada mai rubutu ya jera da ka. A kai daftarin fada, sakataren sarki ko Waziri ya duba kafin a buga. Inda kuma mutum biyu suke ja a kan rawani ɗaya, maganar ba ta ƙare ba, rubuta wa ɗaya Sarki shiga rigima ne. A irin wannan hali a rubuta kowannensu da Alhaji ko Malam da sunansa, a bar sarautar.

Laƙaban boko irin su Dakta, Farfesa, Injiniya da Honarabul sun shigo cikin jerin. Akan ga Alhaji Dakta wane, akan ga Dakta Alhaji wane, babu ƙa'ida ɗaya da kowa ya bi. A bi yadda mai sunan yake rubuta kansa. Sai dai laƙabi ya wuce uku a gaban suna ɗaya, mai karanta sanarwa a rediyo numfashinsa yakan ƙare kafin ya kai ga sunan.

A cikin gida da kan hanya

A baki, zumunci yana gaba da laƙabi. Ɗa ba ya barin Baba ya koma Alhaji wane da cikakken suna, sai dai ya ce Baba, ko Alhaji shi kaɗai idan haka gidan ya saba. Ana haɗa su ma: Baba Alhaji, Mma Hajiya, Kawu Malam. Matan aure da yawa da Alhaji ko Malam suke kiran mazajensu, don kauce wa faɗin suna. Yaro ba ya haɗa laƙabi da sunan sa'an mahaifinsa a gabansa. Laƙabin kaɗai zai faɗa, sunan sai a bayan ido idan ana son a bambanta shi da wani. A gaisuwa kuma ya fi ladabi a yi magana kamar da wani ake: "Malam ya tashi lafiya?" ko "Hajiya an wuni lafiya?", maimakon "ka tashi lafiya?" kai tsaye.

Mutum ba ya sa wa kansa laƙabi idan yana gabatar da kansa a gaban manya. Wanda aka tambaya sunansa a fada ko a zauren malami zai ce Isa ne, na gidan wane. Waɗanda suke wurin su ne za su ƙara masa Alhajin ko Malam ɗin. A waya ko a takardar aiki, inda ake bukatar a gane wanda yake magana cikin masu suna iri ɗaya, faɗin laƙabin ba laifi ba ne.